Jakata ta ɓace a jirgin Biyetnam: yaya zan rubuta takardar neman diyya da harshensu?

"Assalamu alaikum, Malam. Na taso daga Abuja zuwa birnin Ho Chi Minh a kan harkar kashu, tikiti ɗaya na zuwa da dawowa, kuma zangon ƙarshe daga Bangkok a jirgin wani kamfanin Biyetnam na yi shi. Jakata mai kilo 23 ba ta iso ba. Na cike takarda a filin jirgi, yau kwana 25 shiru. Yanzu sun ce za su ba ni dala 20 a kan kowane kilo. Abokin cinikina ya ce in rubuta musu da harshensu, ya fi saurin samun amsa. Me zan rubuta, kuma nawa zan nema?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, kada ka sa hannu a kowace takarda da ta zo tare da wannan kuɗin na kilo. Irin waɗannan takardu sukan ƙunshi layin da ke cewa ka karɓi haƙƙinka duka, ba ka da sauran magana, kuma da zarar ka sa hannu wasiƙar da za mu tsara ta zama aikin banza.

Inda dala 20 ta samo asali, da dalilin da ba ta hau kanka ba

Lissafin kilo tsohon tsari ne na Yarjejeniyar Warsaw ta 1929, wanda kamfanonin jirage suka daɗe suna ƙiyasta shi a kan dala 20 kowane kilo. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta zo ta sauya shi: a ƙarƙashinta ba a auna jaka a biya, ana duba asarar da fasinja ya yi ne, har zuwa wani iyaka da aka yanke wa kowane fasinja. Najeriya tana cikin wannan yarjejeniya tun da daɗewa, Biyetnam kuwa ta shiga a 2018. Tikitinka ya fara daga Najeriya, zai ƙare a Najeriya, da zango a ƙasar waje, saboda haka tafiyar gaba ɗayanta tana ƙarƙashin Montreal. Ko da a ce zangon Bangkok tikiti ne daban, hukuncin bai canza ba, domin Tailan ma tana ciki. Inda lissafi yake sauyawa shi ne wanda ya sayi tikitin cikin gida shi kaɗai, misali daga Hanoi zuwa Ho Chi Minh, wanda ba a haɗa shi da na ƙasa da ƙasa ba. Shi dokar sufurin sama ta Biyetnam ce ke kansa.

Iyakan diyyar ba da dala aka rubuta shi ba. An rubuta shi da ma'aunin Asusun Ba da Lamuni na Duniya da za ka gani a takardu da haruffan SDR. Ya fara da 1,000, ya koma 1,131 a 2009, sai 1,288 a ƙarshen 2019, kuma daga 28 ga Disamba 2024 ya zama 1,519, wato wajen dala 2,000. Duba ranar tafiyarka, ita ce ke nuna wane adadi ya shafe ka.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Suna jin 1,519 sai su rubuta cewa a biya su 1,519, kamar farashin jaka ke nan. Wannan adadi rufi ne kawai. Abin da kamfani zai biya shi ne asarar da ka iya nunawa, idan ta kai rufin a tsaya a nan, idan ba ta kai ba a biya iya abin da ka nuna. Kuma rufin na fasinja ne, ba na jaka ba: mai jaka uku da mai jaka ɗaya iyakarsu ɗaya, sai fa wanda ya bayyana darajar kayansa tun a wurin awo ya biya ƙarin kuɗi a kai. Wasiƙar da ta nemi cikakken rufi ba tare da jerin kaya ba ita ce mafi sauƙin watsarwa, domin ma'aikacin da ke karantawa ba shi da abin da zai kai wa shugabansa ya sa hannu.

Batun kwanaki kuwa yana gefenka. Sashe na 17, sakin layi na 3, na Yarjejeniyar Montreal ya ce idan kamfani ya amsa cewa jakar ta ɓace, ko kuma kwana 21 suka cika daga ranar da ya kamata ta iso, fasinja yana da ikon neman haƙƙinsa. Kai kana kwana na 25, ba sai ka jira su furta da bakinsu cewa ta ɓace ba. Amma ka sani takardar da ka cike a filin jirgi, wadda ake kira PIR, rahoto ne kawai na cewa jaka ba ta zo ba, don a shiga nema. Ba neman diyya ba ce. Sau da yawa ma wanda ke zaune a wannan teburin ma'aikacin kamfanin hidimar ƙasa ne, ba na kamfanin jirgin ba, kuma ba shi da ikon amincewa da ko sisi. Wasiƙarka kamfanin jirgin za ta tafi. Tunda jirage fiye da ɗaya suka ɗauke ka a tikiti ɗaya, Sashe na 36 ya ba ka damar kama na farko, ko na ƙarshe, ko wanda jakar ta salwanta a hannunsa. A aikace na ƙarshe ne ke riƙe da fayil ɗin, don haka da shi za ka fara.

Fara da lissafi kafin ka fara da harshe

Ɗauki takarda ka jera abin da ke cikin jakar, kowane abu da adadinsa, da shekarar da ka saye shi, da kuɗinsa. Bari mu yi misali da adadin da na ƙirƙira don koyarwa, kai sai ka sa naka na gaskiya, kuma mu ɗauki dala ɗaya a matsayin dong 25,000, kuɗin Biyetnam, don sauƙin lissafi. Jakar kanta dong miliyan 2.6. Ɗinkin shadda kala huɗu, kowanne miliyan 4.5, ya kama miliyan 18. Takalma ƙafa biyu miliyan 3.9, huluna uku miliyan 2.4, turare miliyan 3.1, ƙananan kaya miliyan 2. Jimla miliyan 32. Sai abin da dole ta sa ka saya a kwanakin farko, kayan sawa da man goge baki da makamantansu, mu ce miliyan 3.5 da rasit a hannu. Abin da za ka nema ya zama dong miliyan 35.5, wato dala 1,420. Rufin yana wajen dong miliyan 50, ka ga kana ƙarƙashinsa. Tayinsu kuwa kilo 23 sau dala 20, dala 460 ke nan, ko dong miliyan 11.5, bai kai kashi ɗaya cikin uku na asarar ba.

Matsalar da ɗan Arewa zai ci karo da ita ita ce shaidar ɗinki. Ma'aikaci a Ho Chi Minh bai san babbar riga ba, bai san cewa kuɗin aikin wuyanta kaɗai na iya wuce kuɗin kwat ba, kuma galibi ba wanda ke karɓar rasit a wurin tela. Abin da ke cike wannan giɓin shi ne shaidar tura kuɗi ta banki ga mai yadi da tela, da takarda daga shagon mai ɗauke da tambarinsu tana faɗin farashin yadi da na ɗinki, da hotunan da aka ɗauke ka sanye da kayan. A cikin jerin ka kira su da wannan suna, wanda ke nufin kayan gargajiya na ɗinkin hannu da aiki, don kada a yi musu kuɗin rigar kanti:

```
trang phục truyền thống may đo, thêu tay
```

Ka sa ran za su rage wani abu saboda tsufan kaya. Wannan al'adar kamfanoni ce, kuma da wuya a kauce mata, shi ya sa rubuta shekarar saye ke da amfani: kayan da aka ɗinka wata biyu da suka wuce ba za a yi musu ragin na shekara uku ba. Suna iya cewa kuma kayan sawan da ka saya a can sun maye gurbin wasu daga cikin waɗanda suka ɓace, su cire wani kaso. Wannan magana ce da ake iya sasantawa a kai. Abin da ba na ba da shawara shi ne kumbura lissafi. Nauyin jakar yana rubuce a na'urarsu, kuma abin da ka faɗa a ranar farko cewa yana ciki shi ma yana rubuce. Idan jerin yau ya fi kilo 23, ko kwamfuta ta bayyana a ciki alhali ba ka ambace ta a filin jirgi ba, to har abin da yake gaskiya zai shiga zargi.

Tsabar kuɗi, gwal, waya da takardu masu muhimmanci suna cikin abin da sharuɗɗan kamfanoni ke cewa kada a sa a jakar awo. Akwai hujjar jayayya a kan haka, domin Sashe na 26 ya soke duk sharaɗin da ke sauke wa kamfani alhakin da yarjejeniyar ta ɗora masa, amma su ma za su ce sakacinka ne, kuma jayayyar takan ja watanni. Haka nan duk wani cinikin da ya wuce ka saboda rashin samfur, ko ɓacin ran da ka sha, ka bar su a wajen lissafin. Suna raunana wasiƙa, kuma da wuya a biya su.

Kalmomin da ke ɗauke da nauyin wasiƙar

Harshen ofis na Biyetnam yana da ladabi mai yawa, kuma tsauri a cikinsa ba ya zuwa ta zafin baki. Yana zuwa ta zaɓin kalma. Akwai matakai uku na nema. "Mong" fata ne, kamar ka ce ina fatan za a duba. "Đề nghị" neman a yi abu ne cikin girmamawa, irin na ofis da ofis. "Yêu cầu" shi ne na mai haƙƙi, wanda ke cewa ina buƙatar a biya ni. A layin kuɗi "yêu cầu" za ka sa, a layin neman amsa "đề nghị" ta isa, "mong" kuwa kada ta shigo ko sau ɗaya. Na'urar fassara da abokai masu kunya sukan cika wasiƙa da ita, sai takardar neman haƙƙi ta koma roƙo.

Kalma ta biyu da za ka tsare ita ce sunan kuɗin. "Bồi thường" diyya ce, biyan abin da ya wajaba. "Hỗ trợ" tallafi ne, abin da aka ba ka don kyautatawa. Idan amsarsu ta zo da "hỗ trợ", suna nufin ba su amsa alhaki ba, kuma adadin a hannunsu yake. Kai ka tsaya a kan "bồi thường" daga take har ƙarshe. Haka tsakanin "thất lạc", jakar da ta yi ɓatan hanya ana kan nemanta, da "bị mất", wadda ta salwanta. Bayan kwana 21 ta biyun ce taka. Kamfanin kuma ka kira shi "Quý Hãng", wato kamfani mai daraja, kanka ka ce "tôi". Kada ka yi amfani da kalmomin yaya da ƙane da suke kiran juna da su a hira, ba wurinsu ba ne.

Ka kula da alamomin da ke saman haruffa da ƙasansu. Bahaushe ya san bambancin ƙasa da kasa, to nasu ya fi haka yawa: "mất" ɓata ne, "mắt" ido, "mặt" fuska. Wasiƙar da aka buga ba alamomi tana kama da saƙon waya. Lambobi ma akasin namu suke rubutawa, ɗigo ke raba dubbai, waƙafi ke nuna ɓangare. Idan ka rubuta 35,500,000 irin namu za a gane, amma 1,519 na iya karantuwa a matsayin ɗaya da rabi da ɗoriya. Rubuta 1.519, kuma ka maimaita babban adadin da kalmomi, kamar yadda ake yi a cek.

Wasiƙar kanta

Takardun ƙorafi a can sukan buɗe da sunan ƙasa da takenta a layi biyu na sama. Baƙo ba dole ba ne ya sa, amma sa shi yana nuna wa mai karɓa cewa wannan takarda ce da za a shigar a rajista. Bayansa wuri da kwanan wata, sai take, sai abin da ake magana a kai, sai wanda aka aika wa. Na ɗauka ka sauka ran 3 ga Maris 2025, kana rubutu ran 28.

```
CỘNG HÒA XÃ HỘI CHỦ NGHĨA VIỆT NAM
Độc lập - Tự do - Hạnh phúc
TP. Hồ Chí Minh, ngày 28 tháng 3 năm 2025
ĐƠN KHIẾU NẠI
V/v: Yêu cầu bồi thường hành lý ký gửi bị mất
Kính gửi: Hãng hàng không ...
```

Sakin layi na farko labari ne tsura, ba ƙorafi a ciki: wane ne kai, lambar fasfo, wane jirgi, jaka nawa da nauyinta, lambar da aka manna a bayan tikitinka, lambar rahoto, da cewa kwana 21 sun wuce. Rubuta sunanka daidai yadda yake a tikiti, domin su sunan dangi suke fara sawa, kuma juya shi na iya sa a kasa gano fayil ɗinka. Lambar rahoton haruffa biyar ce da lambobi biyar: uku na farko na filin jirgi, a naka SGN, biyu na kamfanin.

```
Tôi là ..., hộ chiếu số ..., hành khách chuyến bay ... ngày 03/3/2025
đến sân bay Tân Sơn Nhất. Tôi đã ký gửi 01 kiện hành lý 23 kg, thẻ số ...,
nhưng không nhận được. Biên bản bất thường hành lý (PIR) số ... được lập
cùng ngày. Đến nay đã quá 21 ngày, Quý Hãng vẫn chưa giao trả hành lý.
```

Na biyu shi ne zuciyar takardar. Yana farawa da "Căn cứ", wato bisa dogaro da, kalmar da takardun hukuma suke buɗe hujja da ita. Ya ambaci sassan yarjejeniyar, ya faɗi adadin da yadda ya rabu, ya nuna yana ƙarƙashin rufi, sannan ya ƙi tayin kilo a jimla ɗaya tare da dalili.

```
Căn cứ khoản 3 Điều 17 và khoản 2 Điều 22 Công ước Montreal 1999, tôi yêu cầu
Quý Hãng bồi thường 35.500.000 đồng (ba mươi lăm triệu năm trăm nghìn đồng),
gồm 32.000.000 đồng giá trị hành lý và 3.500.000 đồng chi phí đồ dùng thiết yếu.
Số tiền này nằm trong giới hạn 1.519 SDR. Tôi không chấp nhận mức 20 USD/kg
vì Công ước không tính bồi thường hành lý theo trọng lượng.
```

Na uku wa'adi ne da abin da zai biyo baya. Na zaɓi kwana 30 domin shi ne wa'adin da dokar sufurin sama ta Biyetnam ta 2006 ta ba kamfani ya sanar da mai ƙorafi ko ya karɓa ko bai karɓa ba, don haka ba za su ce ka matsa musu ba. Layin yana neman amsa a rubuce, yana cewa idan wa'adi ya wuce za ka kai maganar ga hukumar sufurin sama ta ƙasar, kuma ka riƙe haƙƙinka na zuwa kotu.

```
Đề nghị Quý Hãng trả lời bằng văn bản trong vòng 30 ngày kể từ ngày nhận đơn.
Quá thời hạn trên, tôi sẽ phản ánh đến Cục Hàng không Việt Nam
và bảo lưu quyền khởi kiện.
Trân trọng,
Người khiếu nại (ký, ghi rõ họ tên)
```

Barazanar da ta wuce wannan, irin ta cewa za ka tona musu asiri a kafafen sada zumunta, ka bar ta. Ba ta ƙara ko dong ɗaya, kuma tana ba su damar mayar da maganar kan halinka. Duka wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Jerin kaya ya zo a shafi na biyu, sai kwafin fasfo, tikiti, katin shiga jirgi, lambar jaka, rahoton filin jirgi da rasitai. Na asali su zauna a hannunka.

Aikawa, da abin da zai iya biyo baya

Ka ba abokin cinikinka ya karanta kafin ka aika, amma ka gaya masa ya gyara kuskuren rubutu kawai, kada ya sassauta "yêu cầu" da "bồi thường". Ka haɗa da kwafin Turanci wanda kai kanka ka fahimta, domin bai kamata mutum ya sa hannu a abin da ba ya iya karantawa ba. Aika ta imel zuwa sashen ƙorafi, da lambar rahoton a kan saƙon, sannan ka aika kwafin takarda ta gidan waya da rajista, ko ka kai ofishinsu a buga maka tambarin karɓa a kwafinka. Daga ranar karɓar ake ƙirga kwana 30 ɗin. Idan sun kira ka a waya da sabon tayi, ka ce su rubuto.

Tunda za ka koma gida kafin a gama, ka sa adireshin imel da lambar da za a same ka a Najeriya, kuma ka faɗi yadda kake so a biya ka. Idan ba ka da asusu a Biyetnam, ka ba da asusunka na dala da lambar SWIFT ta bankin, ka nemi a biya daidai adadin da dala. Idan kuma abokin cinikin ne zai karɓa a madadinka, za su nemi takardar wakilci, "giấy ủy quyền", kuma ta fi sauƙin yi kana can.

Jakar na iya bayyana bayan ka aika wasiƙar, hakan na faruwa. A lokacin maganar ta koma ta jinkiri, kuma agogo daban ya fara: Sashe na 31 ya ba ka kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka ita ka rubuta neman kuɗin da jinkirin ya ja maka, kwana 7 kacal idan ta zo a fashe ko ta lalace. Buɗe ta a gaban wanda ya kawo, ka ɗauki hoto, kuma in akwai abin da ya ɓace a ciki ka rubuta shi a takardar karɓa kafin ka sa hannu, ka bi shi da wasiƙa cikin kwana bakwan nan.

Hukumar sufurin sama tana iya matsa wa kamfani ya amsa, amma ba ita ke yanke adadin diyya ba, wannan aikin kotu ne. Sashe na 35 ya ba da shekara biyu daga ranar sauka don shigar da ƙara, kuma musayar wasiƙu ba ta tsayar da wannan ƙirgen. Sashe na 33 ya lissafa inda ake iya kai ƙarar, ciki har da ƙasar da kamfanin yake da hedkwata da ƙasar da tafiya ta ƙare, wadda a tikitin zuwa da dawowa ake ɗauka ita ce inda aka taso, wato Najeriya. Wannan matakin na lauya ne, kuma a kan dala 1,420 kuɗin shari'a na iya cinye abin da ake nema. Shi ya sa idan amsarsu ta dawo da kalmar "bồi thường" da adadin da ya kai, mu ce, miliyan 28 zuwa 30 bayan ragin tsufa, ni a ganina a nemi su nuna yadda suka yi ragin abu bayan abu, a yi jayayya a kan sababbin ɗinkin, sannan a karɓa.